Kiran taron gaggawa: me ya kamata takarda ta faɗa?

A ce ƙungiyar manoman shinkafa ce mai mambobi 120. Damina ta kankama, wani dillali ya yarda ya ba su taki buhu 300 bashi, bisa sharaɗin su ba shi amsa kafin Juma'a, kuma kuɗin da ke asusun ƙungiya ne jingina. Shugaba da ma'aji ba su da ikon ɗora wa jama'a wannan nauyi su kaɗai. Dole a kira babban taro, ga shi yau Litinin.

A nan ne sakatarori da yawa suke tuntuɓe. Sai ka ga an rubuta: "Akwai taron gaggawa ranar Laraba, kowa ya daure ya zo." Da me za a zo? Wanda bai san maganar bashi ce ba zai wuce gonarsa, daga baya ya ce an yanke hukunci a bayan idonsa, kuma da gaskiyarsa. Bisa al'adar ƙungiyoyi, taron gaggawa ba ya yanke komai sai abin da aka kira shi dominsa. Don haka takardar ta fito fili ta ce za a yanke shawara kan karɓar taki buhu 300 bashi, farashin buhu kaza, a biya bayan girbi, asusun ƙungiya ne jingina. Ta faɗi dalilin saurin, wato wa'adin Juma'a. Sai rana da wuri da lokaci, da sa hannun wanda ya kira taron. "Bayan La'asar" ya fi "da yamma" kama hankali.

Gaggawa ba ta soke tsarin mulkin ƙungiya. A Najeriya, dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1993 ta sa kowace ƙungiya mai rajista ta kasance da rubutattun ƙa'idojinta, kuma a cikinsu ake duba kwanakin sanarwa da adadin mutanen da taro ke ƙulluwa da su. In ƙa'idar ta ce kashi ɗaya cikin huɗu, to mutum 30 ake nema. Idan 27 suka zo, duk abin da suka yanke bai zauna ba, ko da kowa ya ɗaga hannu. In kuwa ta ce sai an ba da kwana bakwai, gara a roƙi dillali ya ƙara wa'adi da a yi taron da mutum ɗaya zai iya rushewa da ƙorafi a ofishin kula da ƙungiyoyi na jiha.

Saura isar da saƙon. Waya ba ta isa ba, don wani ba shi da ita, wani kuma ba ya karatu. A haɗa da shela bayan sallah, a tura wakili unguwa-unguwa, kada a manta da mata mambobi da ke cikin gida. Malam sakatare, riƙe jerin sunayen waɗanda aka sanar da ranar da aka sanar da su, kuma kowa ya sa hannu ko ya dangwala a littafin halarta kafin a buɗe taro.