Kasafin kuɗin hannu: yadda ɗan kasuwa zai hango watan da aljihu zai bushe

Duk mai sayar da atamfa da shadda ya san cewa ciniki ba ya tafiya bai ɗaya a shekara. A Kantin Kwari da ke Kano, kasuwa kan cika maƙil daga Sha'aban zuwa tsakiyar azumi, domin kowa na son ya kai wa tela ɗinki kafin teloli su daina karɓa. Da an sauko daga Idi sai ta yi sanyi. Takan ɗan farfaɗo kafin Babbar Sallah, sannan da kaka, lokacin da manomi ya sayar da amfanin gona kuma bukukuwan aure suka yawaita. Da damina kuwa kuɗin mutane na gona.

Matsalar ita ce cefane, kuɗin yaron shago da haya ba sa jiran kasuwa ta buɗe. Shi ya sa mutum zai ci riba a shekara, amma a sami watan da ba shi da abin yin sari. Riba lissafi ce ta bambancin saye da sayarwa. Kasafin kuɗin hannu kuwa tambayarsa ɗaya ce: a wane wata kuɗi za su shigo, a wane wata za su fita, kuma nawa za su rage?

Littafi da biro sun isa. A ware wa kowane wata shafi, a rubuta abu huɗu: kuɗin da aka shiga watan da su, waɗanda ake sa ran za su shigo, waɗanda za su fita, sai ragowa. Ragowar wannan wata ita ce kuɗin buɗe wata mai zuwa. Abin da ke aljihun tebur da abin da ke asusun banki duk kuɗin hannu ne. Kayan da ke kan kanta ba kuɗi ba ne, haka ma bashin da ake bin mutane, sai ranar da aka biya.

Akwai abin da ya kamata ɗan kasuwarmu ya kula da shi musamman: kalanda biyu yake rayuwa a kai. Cinikinsa yana bin watannin Musulunci, waɗanda ke matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. A Nijeriya an yi Ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu a 2024, a 2025 kuma ranar 30 ga Maris. Amma kuɗin makarantar yara da, a mafi yawan lokuta, hayar shago suna bin kalandar boko. Don haka a rubuta sunan watan Musulunci a saman shafi, a sa na boko a gefensa. Wanda ya ɗauki cinikin Maris na bara ya ɗora a kan Maris na bana zai yi kuskure. Ramadan ake gwadawa da Ramadan.

Bari mu ɗauki misali. A ce mai ƙaramin shagon atamfa ya shiga Rajab da naira 1,500,000, kuma cefanen gida, yaron shago, sufuri da wuta suna cin 300,000 kowane wata.

A Rajab ciniki kaɗan ne, 800,000. Amma a watan ne yake son yin sari kafin kaya su hau, don haka ya zuba 1,500,000. Da ya cire kuɗin yau da kullum, sai ya ƙare da 500,000.

A Sha'aban ya sayar da kayan 2,000,000, sai dai 500,000 daga ciki bashi ne da masu kai kaya gidaje suka ɗauka, za su biya bayan Sallah. Abin da ya shigo hannu 1,500,000 ke nan. Yana kuma buƙatar sarin 2,000,000 saboda azumi. Idan aka haɗa aka cire, za a ga giɓin 300,000. Shago cike da kaya, ciniki na tafiya, amma kuɗin da zai cika wa dila ba su kai ba.

A Ramadan 3,500,000 suka shigo. Ya ƙaro kaya na 800,000, hidimar gida ta ninka zuwa 600,000 saboda buɗa-baki da kayan Sallar iyali, ya kuma cike giɓin Sha'aban. Ragowa 1,800,000.

A Shawwal ciniki ya faɗi zuwa 500,000, kuma daga bashin nan 300,000 kawai suka dawo. Hayar shekara ta 600,000 ta zo, ga sarin 200,000, ga kuɗin yau da kullum. Ya ƙare da 1,500,000, daidai abin da ya fara da shi a Rajab.

Wannan lissafi ya nuna abu biyu. Na farko, wata mafi haɗari shi ne wanda ke gab da buɗewar kasuwa, lokacin da sari ke cinye kuɗi kafin ciniki ya dawo da su. Na biyu, kuɗin da suka taru a ƙarshen azumi ba riba ba ce tsantsa. Akwai haya a ciki, akwai ragon layya, akwai cefanen watannin da kasuwa za ta kwanta, akwai kuma jarin sari na gaba. Wanda ya ga 1,800,000 daren Sallah ya je ya sayi babur, uwar kuɗi ya taɓa.

Amfanin kasafin shi ne tun a Jimada Sani mutum ya ga giɓin Sha'aban, yana da sauran lokacin neman mafita. Zai iya raba sarin gida biyu, ya jinkirta na 500,000 zuwa makon farko na azumi, ko da farashi zai ɗan tashi. Zai iya magana da dilansa tun da wuri a ba shi wani ɓangare na kayan bashi, ya biya a tsakiyar Ramadan. Idan yana zubin adashi, sai ya roƙi uwar adashi ta sa ɗaukarsa a Sha'aban. Ko kuma ya ƙayyade bashin da zai bayar kada ya wuce 200,000, wanda hakan kaɗai zai rufe giɓin, muddin masu ɗaukar kayan za su iya biyan sauran nan take. Kowace hanya tana da tsadarta, amma duk sun fi karya farashin kaya masu kyau don neman kuɗin gaggawa.

Wajen hasashe, a rage wa ciniki, a ƙara wa kashewa. Idan bara an yi cinikin miliyan huɗu a azumi, a rubuta uku da rabi. Farashin sari kuwa a ɗauki na yau, domin atamfar da ake shigowa da ita tana bin canjin dala. Bashi a rubuta shi a watan da mai shi ya saba biya, ko da ya yi alƙawarin kawowa kafin nan. Kada a manta da zakka: idan dukiya ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo, ana fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari na kuɗi da ƙimar kayan sayarwa, don haka a ba ta gurbi a watanta.

A lokacin hada-hada, shafin wata ya yi faɗi, gara a koma na mako. Kowace Juma'a a ƙirga abin da ke hannu, a gwada da abin da littafi ya ce. Idan ciniki ya yi daidai da hasashe amma kuɗi sun gaza, a duba wuri uku: bashi ya yi yawa, ko kaya sun yi kwantai, ko ana ɗiban kuɗin shago ana kaiwa gida ba a rubutawa. Na ukun ya fi yawa, kuma maganinsa shi ne mai shago ya yanka wa kansa albashi tsayayye, ya ɗauka sau ɗaya a wata. Idan kuma mako biyu a jere ciniki ya kasa kai hasashe, a rage sari na gaba tun kafin a kira dila, sannan a sake lissafin sauran watannin da sabon adadin.