Inda zanen farabola yake juyawa

Mu ɗauki y = x² − 6x + 5. Ka raba −6 biyu, ka samu −3, ka rubuta (x − 3)². Idan ka buɗe bakar, 9 za ta fito, alhali babu ita a asali, don haka dole a cire ta. Nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Sakamakon shi ne y = (x − 3)² − 4.

Lambar da aka ninka da kanta ba ta yin ƙasa da sifili, shi ya sa y ba za ta sauka ƙasa da −4 ba, kuma tana kaiwa nan ne idan x = 3. Zanen yana juyawa a (3, −4), bakinsa a sama kamar ƙwarya. Yana ratsa layin x a 1 da 5, layin y kuma a 5. Mai karatu, lura da alama: (x − 3) na nufin 3, ba −3 ba.