Gidan Kyankyaso Yana Bayan Firji

Uwargida za ta share kicin fes, ta wanke kwanuka, ta goge ko'ina, amma da ta kunna fitila cikin dare sai ta ga ƙananan kyankyasai suna rige-rigen shigewa ƙarƙashin firji. Waɗannan dabam suke da manyan jajayen nan da ke fitowa daga masai ko kwata. Tsawonsu bai wuce santimita ɗaya da rabi ba, launinsu ruwan ƙasa mai haske, da zane biyu baƙaƙe a bayan kai. Masana na kiran irinsu kyankyason Jamus, kuma shi a cikin gida yake rayuwa, a nan yake hayayyafa.

Abin da ya ja shi bayan firji a fili yake. A can ƙasa akwai kwamfiresa, baƙin injin nan mai ɗumi muddin akwai wuta. A yawancin firji, a kansa ko a gefensa akwai ɗan faranti da ruwan narkewar ƙanƙara ke ɗiga a ciki. Ga ɗumi, ga duhu, ga ruwa, ga ɓurɓushin burodi da tsintsiya ke turawa ƙarƙashi. Ruwan nan ne ma ya fi komai riƙe shi, domin kyankyaso kan jure makonni babu abinci, amma ƙishirwa kan kashe shi cikin kwanaki. Macen tana yawo da kwanson ƙwai a bayanta kusan wata guda, kowane kwanso da ƙwai 30 zuwa 40, kuma cikin wata biyu zuwa uku 'ya'yan sun isa haihuwa. Idan har ana ganinsu da rana, to maɓoyar ta cika ne.

A cire filogi tukuna, a janyo firjin, a haska da tocila. Kashinsu baƙi ne sirif-sirif kamar dakakken masoro, kuma inda ya taru nan ne sheƙarsu. A zubar da ruwan farantin, a wanke shi da sabulu, a kakkaɓe ƙurar da ke jikin injin, a goge ƙasa. Sai robar bakin ƙofa: a bi lunguna da tsohon buroshin haƙori, sannan a rufe ƙofar a kan takarda a ja. In ta zame babu wata turjiya, robar ta saki, kuma ta nan suke shiga duk lokacin da aka ɗauke wuta sanyi ya gudu.

A nan ne mutane da yawa ke ɗauko maganin feshi, wasu ma fiya-fiya. Ina roƙo a daina. Iskar gwangwanin feshi tana kama wuta, ga shi ana fesa ta kusa da waya da murhun gas. Fiya-fiya kuwa guba ce mai ƙarfi da ba ta da gurbi inda ake ajiye abinci. Bayan haka feshi waɗanda ya tarar kawai yake kashewa, sauran su watse zuwa cikin blanda da kabad, ƙwan da ke cikin kwanso kuma ya ƙyanƙyashe lafiya lau.

Abin da ke aiki shi ne maganin tarko mai kauri da ake sayarwa cikin sirinji, irin mai sinadarin fifronil. Ana ɗiga shi ƙanana-ƙanana, kamar girman ƙwayar shinkafa, a wurare da yawa: kusa da kwamfiresa, ƙarƙashin firji, bayan kuka, kusurwoyin kabad, inda hannun yaro ba zai kai ba. Ba ya kisa nan take. Wanda ya ci yakan koma maɓoya ya mutu, 'yan uwansa su ci kashinsa da gawarsa su bi shi. Kada a yi feshi a kansa, domin zai kore su daga cin sa. A kuma goge maiƙon da ya daskare a jikin kuka da ƙarƙashin kawunan wuta, don mai ƙoshi da maiƙo ba zai kula tarko ba. Bayan mako biyu zuwa uku a duba, a ƙara inda aka cinye saboda sababbin da suka ƙyanƙyashe.

Ƙananan kaya irin su blanda da na'urar gasa burodi ba a sa musu magani a ciki. A zazzage ɓurɓushin, a ƙulle su cikin leda mai kauri, a sa a firiza kwana huɗu ko biyar. Sai dai dole sanyin ya ɗore, don in wuta tana zuwa tana tafiya, ƙwan na iya tsira. Da an fitar, a bar su kwana guda su bushe sarai kafin a jona su da wuta.