Me ya sa waya ke cewa ba za a iya kallon bidiyo a ƙasarka ba?

A ɗauki misalin wani matashi a Kano da yayansa mazaunin Manchester ya turo masa mahaɗin bidiyon ƙwallayen da aka ci a wasan Firimiya na daren jiya. Yana da data, sabis kuma yana da ƙarfi, amma da ya latsa sai fuskar wayar ta yi baƙi, wani rubutu ya bayyana: "The uploader has not made this video available in your country". Ma'anarsa ita ce wanda ya ɗora bidiyon bai buɗe shi ga masu kallo a ƙasar da mutum yake ba. Wayarsa lafiyarta ƙalau. Abin da ya ci karo da shi shinge ne da ake kafawa bisa iyakar ƙasa, wanda a Turance ake kira geoblocking.

Yadda shafi ke gane ƙasar mutum

Duk na'urar da ta hau intanet tana fita ne da wata lamba da ake kira adireshin IP, wadda kamfanin sadarwa ke ba ta. Lambobin nan ana raba su ne rukuni-rukuni, kuma hukumar AFRINIC mai hedikwata a Mauritius ce ke raba na nahiyar Afirka. Akwai kamfanoni irin su MaxMind da ke tattara jerin da ke nuna wane rukuni ne ake amfani da shi a wace ƙasa. Da zarar an latsa bidiyo, shafin zai duba lambar a irin wannan jeri, ya kwatanta da ƙasashen da aka amince, sannan ya buɗe ko ya hana. Wasu manhajojin ba sa tsayawa a nan: suna duba ƙasar da aka yi rajistar asusu da kuma bankin da ya ba da katin biyan kuɗi.

Batun haƙƙin nunawa ne

Gasar Firimiya ba ta sayar da haƙƙin nuna wasanninta a dunƙule. Yanki-yanki take sayarwa. Sky Sports na cikin masu haƙƙi a Birtaniya, NBC ke da na Amurka, beIN Sports na da na Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, SuperSport kuma na da na ƙasashen Afirka kudu da Sahara, ciki har da Najeriya. Kowannensu ya zuba kuɗi masu yawa bisa sharaɗin cewa tashar wani yankin ba za ta shigo masa kasuwa ba. Saboda haka idan bidiyon da yayan ya turo na Sky Sports ne, yarjejeniya ce ta tilasta wa tashar ta rufe shi ga mai kallo a Kano.

Shingen ba 'yan Afirka kaɗai yake tarewa ba. A Ingila an hana nuna wasannin ƙarfe 3 na yammacin Asabar kai-tsaye a talabijin, don kada mutane su daina zuwa filayen wasa. Ke nan akwai wasan da za a cika gidan kallo a Fagge ana kallonsa, alhali yayan da ke Manchester ba shi da tashar da za ta nuna masa shi a lokacin.

Ya kamata a bambanta wannan da toshewar gwamnati. Lokacin da aka dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kamfanonin sadarwa ne aka umarta su rufe hanya, shafin ya ƙi buɗewa gaba ɗaya. A geoblocking kuwa, shafin yana buɗewa, shi da kansa ne ke sanar da cewa ba zai nuna abin ba.

A fara tabbatar da cewa ba kuskure ba ne

Wani lokaci shafin ne ke ɓatan lissafi. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce a buɗe shafi irin su whatismyipaddress.com a ga ƙasar da ya nuna. Idan mutum yana Katsina amma aka nuna wata ƙasa, to akwai dalili. Mai yiwuwa ya manta da VPN a kunne, ko yana amfani da burauza mai tsimin data irin Opera Mini, wadda ke bi da shafuka ta na'urorin kamfaninta. Kashe VPN, sauya burauza, ko komawa daga Wi-Fi zuwa datar layi kan warware matsalar.

Matafiya su ma su lura. Layin da ake amfani da shi a wata ƙasa galibi yakan bi da datarsa ta kamfaninsa na gida. Ɗan kasuwar da ya tsallaka Maraɗi da layin Najeriya, shafuka za su iya ci gaba da ganinsa a Najeriya. Mai Umara da ya hau Wi-Fi na otal a Makka kuwa, a Saudiyya za a gan shi, abin da yake kallo a gida yana iya rufewa.

Hanyoyin da ba su saɓa ƙa'ida ba

Ga matashin na Kano, maganin bai fi minti ɗaya ba. Maimakon mahaɗin da aka turo masa, sai ya rubuta sunayen ƙungiyoyin biyu a YouTube, ya nemi bidiyon a shafin SuperSport, wadda ke da haƙƙin yankinsa, ko a shafin ƙungiyar kanta, domin manyan kulob-kulob kan ɗora taƙaitaccen wasa bayan wasu sa'o'i. Haka abin yake ga fim ko waƙa: tambayar ita ce wa ke da haƙƙinsa a nan, domin sau da yawa abin yana nan a wata manhajar.

Mai shirin tafiya zai iya sauke fina-finai cikin manhajar da yake biya tun yana gida, sai dai wasu kan ƙi buɗewa idan manhajar ba ta da haƙƙinsu a ƙasar da aka sauka. Wanda ya yi ƙaura ta zama kuwa, yana iya sauya ƙasar asusunsa a Google Play, amma sai yana cikin sabuwar ƙasar, kuma ba a barin a riƙa sauyawa a kai a kai. Wani lokacin kuma jira ne mafita: Netflix bai iso Najeriya ba sai a Janairun 2016, Spotify kuma a Fabrairun 2021.

To, VPN fa?

VPN na bi da datar mutum ta wata ƙasa, sai shafi ya ga lambar can. Yana da amfani na halal, kamar kare bayanai a Wi-Fi na jama'a. Amma tsallake shinge da shi ya saɓa sharuɗɗan yawancin manhajojin kallo. BBC iPlayer, alal misali, na masu kallo a Birtaniya ne da suka biya lasisin talabijin. Manyan manhajoji sun san lambobin VPN da dama kuma suna toshe su, don haka mutum na iya biyan kuɗi a banza. Wasu ƙasashen ma, irin su China da Iran, sun taƙaita amfani da shi.

Haɗarin da ya fi kusa shi ne na VPN na kyauta da ake turowa a WhatsApp a matsayin fayil ɗin APK. Duk abin da ya fita daga wayar ta hannun mai manhajar zai bi, kuma ita ce wayar da ke ɗauke da manhajar banki. Idan manhajar VPN ta nemi izinin karanta saƙonnin tes ko lambobin mutane, abin da aikinta bai buƙata ba, to a goge ta nan take, domin ta saƙon tes ne banki ke turo lambar sirri.