Wasiƙar ban-haƙuri ga abokin zama: a ɗauki laifin, a bar "amma"

A yawancin gidajenmu an san yadda faɗan miji da mata yake ƙarewa. Maigida ya ɗaga murya, ya faɗi abin da bai kamata ba, a yi kwana biyu ana gaisuwar dole, rana ta uku ya shigo da ledar tsire ko turmin atamfa ya ce, "Ki yi haƙuri, sharrin Shaiɗan ne." Idan matar ce ta zazzaga masa masifa, sai ta girka abincin da ya fi so, ta durƙusa ta ce, "A yi haƙuri." A nan ake cewa magana ta wuce. Sau da yawa kuwa ba ta wuce ba, binne ta aka yi da ranta, shi ya sa bayan shekara uku za ka ji an tono ta a tsakiyar wani faɗan da bai shafe ta ba.

Matsalar ita ce, wanda ya ce "ki yi haƙuri" ya tsaya nan, aiki ya ƙara wa wadda ya ɓata wa rai. Ita aka ci wa fuska, ita kuma aka ɗora wa nauyin haɗiyewa. Shi bai ambaci abin da ya yi ba, bai ce laifi ba ne, bai faɗi abin da zai sauya ba. Abin da wasiƙa za ta iya yi, idan an rubuta ta da gaskiya, shi ne ta mayar da wannan nauyi kan mai shi.

Me ya sa sai a rubuce? Saboda da yawanmu muna da nauyin baki a irin wannan wuri. Namijin da zai iya tsayawa gaban taron ɗaurin aure ya yi jawabi sai ka ga ya kasa kallon matarsa ya ce "na zalunce ki." Kuma ban-haƙurin baki da baki yana saurin komawa sabuwar gardama: ya fara, ta ce "ai ba yau ka fara ba," ya ce "to ke me kika yi," sai a koma gidan jiya. Takarda ba ta katse kowa. Mai rubutu yana da damar gogewa ya sake, mai karatu kuma tana da damar karantawa ita kaɗai, ta yi kukanta in za ta yi, ba tare da an tsare ta da ido ana jiran ta ce ta yafe ba.

A ɗauki misalin wani magidanci. Ya dawo daga kasuwa bayan isha'i, ranar an yi masa asarar kaya. Mahaifiyarsa ta zo kwana, yara suna zaune a falo, ya tarar ba a sauke tuwo ba saboda gas ya ƙare ana tsaka da girki, sai da aka hura gawayi. Bai tambayi dalili ba. Ya ce mata, a gaban kowa, ba ta da wani amfani a gidan, ya ƙara da "haka aka koya miki a gidanku?" Ya buga ƙofa ya fita. Washegari ya zauna ya rubuta wannan:

"Uwargida, in na ɓata miki rai jiya ki yi haƙuri. Kin san halina, in raina ya ɓaci ba na iya riƙe kaina. Ga asarar da na yi a kasuwa, ga yunwa, kuma ke ma da kin duba gas ɗin tun da rana da duk haka ba ta faru ba. Amma komai ya wuce, mu yafi juna."

Shi a zuciyarsa ya ba da haƙuri. Ita kuwa abin da za ta karanta daban ne. "In na ɓata miki rai" yana nufin har yanzu bai tabbata an yi laifi ba, wataƙila ita ce mai saurin fushi. "Kin san halina" sanarwa ce cewa gobe ma za a maimaita, ta shirya. Zancen gas ya mayar da ita kujerar wanda ake tuhuma. "Mu yafi juna" kuma ya raba laifin gida biyu, alhali ita ba ta ce masa uffan ba. Babban abin da ya fi mata ciwo, wato taɓa iyayenta da yin hakan a gaban surukarta da 'ya'yanta, ko alamarsa babu a cikin takardar. Ga yadda ya kamata ta kasance:

"Uwargida, jiya da daddare na yi miki tsawa a gaban Hajiya da yara. Na ce ba ki da amfani a gidan nan, na kuma taɓa tarbiyyar gidanku. Duka biyun ƙarya ne, kuma ba ni da hurumin faɗarsu. Na kunyata ki a gaban surukarki, na sa 'ya'yanmu suka ga ana wulaƙanta mahaifiyarsu, na ci mutuncin Baba da Inna waɗanda suka ba ni ke cikin girmamawa. Laifin nawa ne ni kaɗai, babu abin da kika yi da ya kai a yi miki haka. Yau da safe na gaya wa Hajiya cewa ni ne ban kyauta ba, kuma da yamma zan faɗa wa yara haka a gabanki, in kin amince. Daga yanzu, in na shigo raina a ɓace, zan gaya miki, in fita in zaga sai na huce kafin mu yi magana. Ina neman gafararki, sai dai ba na matsa miki. Duk lokacin da kika so ki faɗa mini yadda kika ji, zan saurara har ki gama."

A lura, asarar kasuwa ba ta shigo ba sam. Da gaske ya yi asarar, da gaske ta taɓa shi, kuma yana da haƙƙin matarsa ta sani. Amma duk dalilin da aka sa kusa da ban-haƙuri uzuri yake zama, ko da ba haka aka nufa ba. Ya bari sai ta tambaya, ko sai bayan an shirya. Haka ma zancen gas: in akwai abin gyarawa a tsarin gida, yana da ranarsa. Hanya mafi sauƙi ta gane ko wasiƙa ta karkace ita ce a nemi kalmar "amma" da "ke ma" ko "kai ma". Duk abin da ya biyo bayansu, a goge.

Wasu za su ga maimaita munanan kalmomin a rubuce kamar fama ciwo ne. Ni a ganina wannan ne sashen da ya fi muhimmanci. Magana zarar bunu ce, tana nan a kunnenta kalma bayan kalma. Idan shi ya kauce mata ya ce "abin da ya faru jiya," sai ta ga ko bai san abin da ya faɗa ba, ko yana so a yi kamar ba a faɗa ba. In kalmar ashar ce da ba ta rubutuwa, ya isa ya ce "na zage ki, na zagi iyayenki."

Akwai binciken da ya yi daidai da wannan. A shekarar 2016, Roy Lewicki na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka da abokan aikinsa sun gwada sassa shida na ban-haƙuri a kan mutum 755, don su ga wanne ya fi tasiri. Amsa laifi ne ya zo kan gaba, sai tayin gyara ɓarnar da aka yi. Roƙon a yafe shi ne ya zo ƙarshe. A kan harkar aiki aka yi gwajin, ba zaman aure ba, don haka kada a ɗauke shi fiye da ƙimarsa, amma abin lura ne cewa sashen da muka fi riƙewa shi ne mafi rauni in ya tsaya shi kaɗai. Mu ma a karatunmu na zaure akwai wannan. Imam Nawawi, a babin tuba na Riyadus Salihina, ya kawo sharuɗɗa uku: barin laifin, nadama, da ƙudurin rashin komawa, sannan ya ƙara na huɗu idan laifin ya shafi haƙƙin ɗan'adam, wato a warware da mai haƙƙin. Istigfari a kan darduma ba ya ɗauke wa mutum zuwa wurin matarsa.

Alkawarin da ke cikin wasiƙa kuma ya zama wanda ido zai iya gani. "Ba zan sake ba" kowa yana faɗa. "Zan fita in zaga" abu ne da za ta ga an yi ko ba a yi ba. John Gottman, masanin halayyar ɗan'adam da ya daɗe yana nazarin ma'aurata, ya nuna cewa idan bugun zuciya ya haura kusan 100 a minti ɗaya cikin faɗa, mutum ba ya iya sauraro yadda ya kamata, kuma jiki yana buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya sauka. Saboda haka kada a rubuta wasiƙar a daren da abin ya faru, da sauran zafi a ƙirji. Washegari ya fi, amma kada a kai mako, domin shiru mai tsawo shi ma ƙarin laifi ne.

Sai yadda za a miƙa ta, kuma a nan mazanmu su yi hattara ƙwarai. A ƙasar Hausa, miji ya miƙa wa matarsa takarda a ninke bayan faɗa, abu ɗaya ne zai fara zuwa mata a rai: saki. Kada a aiko yaro da ita, kada a tura ta ƙarƙashin ƙofa a fice. Ya kai da hannunsa, ya faɗa da bakinsa tun kafin ta karɓa, "Ban-haƙuri ne na rubuta miki." Rubutun hannu ya fi saƙon waya nauyi, sai dai in ta riga ta yi yaji, saƙon waya zai iya share fage, amma ba ya maye gurbin biko: tunda an taɓa iyayenta, sai ya taka ya je ya durƙusa gabansu. Idan kuwa a cikin fushin ya furta saki, ko wata magana mai kama da shi irin "tafi gidanku, na gama da ke," wannan ya wuce hurumin wasiƙa. Malamin da ya san fiƙihun aure za a tambaya, a faɗa masa lafazin yadda ya fito.

Duk abin da aka faɗa ya hau kan matar da ta gaya wa mijinta magana a gaban ƙannensa, ko ta goranta masa rashin abin hannu. Ita ma ta ambaci abin da ta faɗa, ta bar "ai kai ka ja."

Akwai kuma inda wasiƙa ba ta isa ba. Idan hannu ya shiga, an yi mari ko duka, ko kuma wannan ce takarda ta huɗu a kan laifi iri ɗaya, to kyawun kalmomi ya zama wani ɓangare na cutarwar: a ɓata, a lallashe, a sake ɓatawa. Wadda ake yi wa haka ba ta da wajibcin karɓar takarda ta yi shiru. A nan sai waliyyai da manyan dangi sun shigo, shi kuma ya nemi taimakon likita ko mai ba ma'aurata shawara a kan fushinsa, kuma a bar ta a inda take da aminci har sai an ga sauyin a aikace.