Dalilin da ya sa manhajojin kuɗi ke lissafi da kobo

An daɗe rabon da a ga kobo a hannun mai ciniki a kasuwa, amma a cikin manhajojin biyan kuɗi har gobe da shi ake ƙirga. Duk mai shagon intanet da ya haɗa manhajarsa da Paystack ya san cewa idan yana son karɓar ₦5,000, lambar da zai aika ita ce 500000. In ya manta ya aika 5000, naira hamsin kacal za a cire wa mai saye.

Dalilin yana cikin yadda kwamfuta ke riƙe lamba. Ita da 0 da 1 kawai take aiki, saboda haka rabi da kwata suna zauna mata daidai, amma kashi ɗaya cikin goma ba ya ƙarewa, kamar yadda ɗaya bisa uku ke zama 0.333 har abada a lissafinmu. A tsarin IEEE 754, wanda aka fitar a 1985 kuma yawancin kwamfutoci ke bi, sai ta ajiye lamba mafi kusa. Ga abin da hakan ke haifarwa a Python:

```
>>> 19.99 * 100
1998.9999999999998
>>> int(19.99 * 100)
1998
```

Kaya na ₦19.99 kobo 1,999 ne, amma da aka yanke abin da ke bayan ɗigo sai ya koma 1,998. Kobo ɗaya ya salwanta ba tare da manhajar ta yi gargaɗi ba. Akanta ne zai gano a ƙarshen wata, lokacin da jimillar rasitai ta ƙi dacewa da ta banki.

Maganin shi ne a ajiye 1999 tun daga farko, cikakkiyar lamba marar ɗigo. Tarawa da ragewa da ninkawa da yawan kaya duk za su fito daidai. Sai an zo nuna farashi a allo ko buga rasit ne ake saka ɗigon.

Rabawa ce ke buƙatar shawarar ɗan Adam. Naira 100 tsakanin mutum uku kobo 3,333 ne kowa, saura ɗaya, kuma dole a tsara tun wuri wanda zai ɗauke shi, don kason ukun ya koma 10,000 cif.

Akwai kuma batun girman ma'aji. Nau'in `INT` na yawancin rumbunan bayanai yana tsayawa a 2,147,483,647, wato naira miliyan 21 da ɗoriya in da kobo ake ƙirga, kuɗin da bai kai na wata motar ba. Shi ya sa masu aikin ke zaɓar `BIGINT`. Kuma ba kowane kuɗi ke rabuwa gida ɗari ba: sefar Nijar ba ta da ƙaramin kaso a tsarin ISO 4217, dinarin Kuwait kuwa gida 1,000 yake rabuwa. Don haka gefen kowace lamba ake ajiye sunan kuɗinta, `NGN` ko `XOF` ko `KWD`.