Maganin da Ya Daina Ci: Yadda Cutar Dankali Ke Fin Ƙarfin Feshi

A 1977 wani kamfanin Suwizalan ya fito da maganin feshi mai sinadarin metalaksil, wanda aka sayar da sunan Ridomil. Manoman dankalin turawa sun yi na'am da shi, domin yana ratsa ganye ya bi jikin shuka ya tsare ta daga cutar ƙonewar ganye, wadda ta jefa ƙasar Ayilan cikin yunwa tun daga 1845. Amma zuwa 1980, a Ayilan da Holan, sai ga gonakin da aka fesa suna ƙonewa kamar ba a taɓa su ba. Cutar nan ce ke addabar manoman Bokkos da Mangu a Filato idan damina ta yi nisa, ga sanyi ga hazo.

Ba maganin ne ya lalace ba, kuma cutar ba sabawa ta yi da shi a hankali ba. Mai haddasa ta wata halitta ce mai kama da funfuna, tana fitar da dubban ƙwayoyi daga tabo guda, kuma cikin ƙasa da mako ɗaya sababbin sun fara tasu haihuwar. A cikin wannan yawa ba a rasa ɗaya da ta zo da ɗan sauyi a halittarta. Shi kuwa metalaksil wuri ɗaya tak yake kai wa hari a jikin ƙwayar. Idan sauyin ya faɗa a wurin nan, magani ya rasa inda zai kama.

Mu buga lissafi na misali. A ce ƙwaya 1 cikin miliyan ce mai juriya, kuma kowane feshi yana kashe 99 cikin 100 na sauran. Bayan feshin farko, masu juriya sun zama 1 cikin 10,000. Bayan na biyu, 1 cikin 100. Manomi bai ga komai ba tukuna, gona shar, yana ta yabon magani. Feshi na uku kuwa zai bar kusan rabin abin da ya rage masu juriya. Da hannunsa ya tankaɗe masu rauni ya bar wa masu taurin kai fili.

Hikimar sauya magani ke nan. Idan feshi na biyu da wani sinadari aka yi shi, mai kai hari ta wata hanyar, mai juriyar metalaksil ba ta fi 'yan uwanta da komai ba, tare za su mutu, kasonta ba zai ƙaru a wannan zagayen ba. Mankozeb da magungunan jan ƙarfe sun fi dacewa da wannan aiki, domin wurare da yawa suke bugu lokaci guda, sauyi ɗaya ba ya isa ya ceci ƙwayar. Shi ya sa daga baya aka koma sayar da metalaksil a gauraye da mankozeb. Sai dai su waɗannan a bayan ganye suke tsayawa, ruwan sama na wanke su, kuma ba sa warkar da ganyen da ya riga ya kamu.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake yaudarar kai a shagon maganin gona. Manomi ya ce wannan ya daina ci, a miƙo masa wani mai sabon suna da sabon fakiti, alhali sinadarin ciki ɗaya ne, ko ɗan uwansa. Metalaksil da benalaksil gida ɗaya suka fito, cutar da ta fi ƙarfin ɗaya ta fi ƙarfin ɗayan. Wani kwamitin masana mai suna FRAC, wanda aka kafa a 1981, ya raba sinadarai rukuni-rukuni da lambobi: metalaksil 4, simoksanil 27, dimetomof 40, mankozeb M03. Lambar ce ya kamata ta sauya. Inda ba a buga ta a fakiti ba, a duba sunan sinadarin, ko a tambayi malamin gona.

A damina mai feshi shida, ana iya farawa da mankozeb kafin cuta ta ɓulla, a sa gaurayen rukuni na 4 sau biyu lokacin da ganye ke bunƙasa, sauran a cike da rukuni na 40 da mankozeb. Kada a jira sai gona ta kamu sannan a ɗauko rukuni na 4, domin a lokacin ƙwayoyin sun yi yawa, masu juriyar ma haka.

Kafin a ce juriya ce, a tabbata maganin ba jabu ba ne, an auna shi daidai, feshin ya kai ƙarƙashin ganye, ruwa bai sauka nan take ba. Idan duk an kiyaye, amma sababbin tabo masu farin gashi a ƙasan ganye suna ta fitowa, maƙwabcin da ya fesa wani rukunin kuma gonarsa lafiya, to akwai dalilin zargi, ɗakin gwaji ne zai tabbatar. Kuma sauyawa jinkirtawa take yi kawai. Wasu nau'o'in cutar masu juriya ba su rasa ƙarfinsu ba, suna kwana a cikin irin dankali su tashi da shukar baɗi, har su bi buhun iri zuwa gonar da ba a taɓa fesa metalaksil ba.